Zazzaɓin dare na uku: nazarin wata jinyar ƙoda a Jos

Majiyyaciyar mace ce 'yar shekara 58 daga Unguwar Rogo, tana da ciwon suga da hawan jini, nauyinta kilo 70. Zan kira ta Hajiya kawai, na kuma sauya abin da zai sa a gane ta. An kawo ta asibitin da nake aikin harhaɗa magani ranar wata Litinin cikin Disamba, bayan ta kwana huɗu tana fama da zafin fitsari, daga baya ciwo ya hau kwiɓinta na dama, ga amai, ga rawar ɗari. Mutanen gida sun ɗauka sanyin Jos ne ya shige ta, tunda lokacin hunturu ne, suka yi ta lulluɓa mata barguna. Da abin ya ƙi, ɗanta ya kai jininta wani ɗakin gwaji na unguwa, aka yi gwajin Widal aka ce taifot ne, mai kemis ya ba ta sifirofuloksasin. Ta sha na kwana biyu, jiki sai gaba yake yi.

Da isowarta zafin jikinta 39.2 ne, bugun zuciya 112 a minti, hawan jini 108/66, tana cikin hayyacinta. Likita ya ɗan bubbuga bayanta wajen ƙodar dama, ta zabura. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Fararen ƙwayoyin jini sun kai 17,000, kiriyatinin kuma, wanda ake auna aikin ƙoda da shi, ya hau zuwa 148, alamar amai da rashin ruwa sun taɓa ƙodar. Takardar Widal ba ta sauya komai ba, domin a inda taifot ya zama ruwan dare, gwaji ɗaya na Widal kan nuna "akwai" a jinin mutanen da lafiyarsu ƙalau. Abin da ke gaban likita a fili yake: ciwon sanyin fitsari ne ya haura daga mafitsara zuwa ƙoda, kuma da alama ƙwayar ta shiga jini.

Kafin allurar farko

Abu mafi amfani da aka yi wa Hajiya a duk jinyar nan bai ɗauki minti ashirin ba. Kafin a ɗura mata kowane maganin kashe ƙwayar cuta, nas ta ba ta kwalba mai tsabta ta karɓi tsakiyar fitsarinta, aka kuma ɗebi jini daga hannu biyu, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalbar kalca. Kalca shi ne a shuka fitsarin ko jinin a ɗakin gwaji, a bar ƙwayar ta tsiro, a gane ko wace ce, sannan a gwada magunguna a kanta. In an riga an yi allura kafin ɗibar jinin, sau da yawa kwalbar takan fito fayau ba don babu cuta ba, sai don maganin ya danne ta. Fitsari kuma ba ya son zama. In ya haura awa biyu a kan tebur ba a kai shi ba, ba a sa shi a firji ba, 'yan ƙwayoyin fata da suka faɗa ciki za su hayayyafa su ɓata sakamakon. Ɗan Hajiya ya kai shi da ƙafarsa nan take.

Amsar kalca takan ɗauki kwana biyu zuwa uku, mai zazzaɓi 39 kuwa ba za a ce ta jira ba. Don haka ake fara magani bisa kyakkyawan zato: wace ƙwaya ce ta fi kawo wannan ciwo, me ta fi ji a wannan gari, me majiyyacin ya sha kwanan nan. Mafi yawan ciwon ƙoda irin wannan ƙwayar hanji ce ke kawo shi, wadda ake rubutawa E. coli a takardar gwaji. Sifiro ya fita daga lissafi tunda ta sha ba ta ga sauƙi ba. Jentamaisin yana taɓa ƙoda, tata kuma ta riga ta jigata. Sai aka tsaya kan seftiriyazon giram 2 ta jijiya sau ɗaya a rana, tare da ƙarin ruwa da insulin.

A kan katin an haɗa da metironidazol, Filajil ɗin da kowa ya sani. Ya zama al'ada a asibitocinmu a rubuta su biyun tare kamar ba sa rabuwa. Filajil yana aiki ne a kan ƙwayoyin da ba sa rayuwa cikin iska, irin waɗanda ake samu in hanji ya fashe ko ƙurji ya taru a ciki. Ba ya yi wa E. coli komai. Abin da zai ƙara wa Hajiya shi ne tashin zuciya da ɗanɗanon ƙarfe a baki, mace mai ciwon suga da muke roƙo ta ci abinci. Na yi magana a zagayen safiyar Talata, aka soke shi.

Daren Laraba

Ranar Talata da yamma ɗakin gwaji ya aiko cewa kwalaben jini sun tsiro, ƙwaya ce mai siffar sanda daga dangin na hanji. Wannan ya tabbatar da zato, amma bai faɗi maganin da take ji ba. Laraba da ƙarfe goman dare zafin jikin Hajiya ya sake hawa 38.6, ta kama rawar ɗari. 'Ya'yanta suka taru a kan likitan dare. Babban ɗan ya ce, "Likita, don girman Allah, yau kwana uku ke nan Mama ba ta samu sauƙi ba. In akwai allurar da ta fi wannan ƙarfi a rubuta, ko nawa ne za mu nemo." Likitan ya soke seftiriyazon ya rubuta merofenem, allurar da ta fi shi kama ire-iren ƙwayoyin cuta. Ɗan ya bi dare ya sayo kwalba shida da kuɗin da ya ranto a wurin abokan kasuwarsa na Farin Gada.

Ban ga laifin tsoron likitan nan ba. Akwai nau'in E. coli mai fitar da wani sinadari da ke farfasa seftiriyazon da danginsa, ana rubuta shi ESBL, kuma mun saba ganinsa a sakamakon asibitocinmu, musamman a jikin wanda ya sha maganin kashe ƙwayar cuta kwanan nan. Da ita ce a jinin Hajiya, da merofenem shi ne daidai. Da kuma hawan jininta yana faɗuwa, ko ta fara sambatu, ko fitsari ya ɗauke, da ba a jira kowace takarda ba, sai a faɗaɗa magani a daren, a yi tambaya da safe.

Amma katin da ke rataye a ƙarshen gadonta wani labari yake bayarwa. Bugun zuciya ya sauko daga 112 zuwa 94. Hawan jini ya koma 124/76. Amai ya tsaya tun Talata, tana fitsari sosai, ta sha kunu da rana ta kuma yi sallarta a zaune. Ƙololuwar zazzaɓin ma sauka take yi: 39.2 ranar Litinin, 38.9 ranar Talata, 38.6 a daren. Ciwon ƙoda haka yake warkewa. Ko an dace da magani tun allurar farko, zazzaɓi kan kai awa 48 zuwa 72 yana kai da komo, domin kumburin da ke cikin ƙodar ba ya sacewa ranar da ƙwayar ta fara mutuwa. In ya zarce awa 72, tambayar farko ba ta magani ba ce, ta hanya ce: ko tsakuwa ta toshe bututun fitsari, ko ƙurji ya taru, abubuwan da babu allurar da za ta buɗe su. Hoton ciki ne ke amsa wannan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, amsar tana nan. Sakamakon kalcan fitsari ya kammala tun la'asar ɗin Laraba, yana cikin littafin ɗakin gwaji, bai fi tafiyar minti biyar daga gadon Hajiya ba. Tsarinmu a lokacin shi ne sai ɗan'uwan majiyyaci ya je ya karɓo takarda, kuma babu wanda ya gaya wa ɗan nata ya koma.

Karatun takardar

Da safiyar Alhamis takardun biyu suka iso, na fitsari da na jini, ƙwaya ɗaya ce a cikinsu: E. coli, a fitsari ta haura 100,000 a kowace mililita. Ba ESBL ba ce. Na je na ga farantin da ake gwada magunguna a kan ƙwayar da idona. An shafe fuskarsa da ƙwayar, an ɗora 'yan ƙananan faya-fayan takarda, kowanne jiƙe da magani ɗaya, aka bar shi ya kwana a ɗumi. Inda maganin ya yi aiki, za ka ga da'ira fayau kewaye da takardar, ƙwayar ta kasa matsowa. Inda bai yi ba, ta tsiro har jikin takardar. Masanin gwajin yakan auna faɗin da'irar da rula, ya duba jadawali, ya rubuta S in ƙwayar tana jin maganin, R in ta bijire masa.

Amfisilin, ko-tirimoksazol, wato Seftirin, da sifirofuloksasin duk R ne. Wannan ya bayyana dalilin da sifiron kemis bai yi mata komai ba, da kuma dalilin da bai hana kalcan tsirowa ba. Masu S su biyar ne: seftiriyazon, jentamaisin, amoksisilin mai kilabulanik, naitirofurantoyin da merofenem.

To, a safiyar nan zafin jikin Hajiya 37.5 ne, ta tashi da fara'a. Babbar likita ta ce, "Hajiya, yaya ƙarfin jikin?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, yau kam na san na yi barci." Ɗan ya yi caraf ya ce, "Ranki ya daɗe, sabuwar allurar nan ce. Don Allah kar a taɓa ta." Wasu cikin ma'aikata ma haka suka gani, suna cewa abin da ke aiki ba a canja shi. Wannan ne wuri mafi wuya a duk lamarin, domin ido ya ga an yi allura, ya ga zazzaɓi ya sauka. Babbar likitar ta ɗauko katin zafin jiki ta nuna masa layin yana gangarowa tun Litinin, ta nuna masa S ɗin da ke gaban seftiriyazon. Ta ce, "Malam, allurar farkon ce ta yi aikin kwana uku. Wannan ta zo ta tarar an kusa gamawa. Ƙwayar da ke jikin Mama tana jin ta farkon sarai, kuma ta biyun ba za ta kashe ta da sauri fiye da haka ba."

Gaskiyarta ke nan. Fifikon merofenem a kan seftiriyazon shi ne yawan ire-iren ƙwayoyin da yake kamawa. In ƙwaya ɗaya ce a gabanka, ka san sunanta, ka san tana jin maganin da bai kai shi faɗi ba, wannan faɗin ba riba ba ne, ɓarna ce, kamar mai cinna wa daji wuta don ya kama gafiya ɗaya. Hanjin mutum cike yake da ƙwayoyi masu amfani da ke hana miyagu samun wurin zama. Magani mai faɗi yana share su, sai waɗanda ba sa jin sa su samu fili. Daga nan ake samun gudawa mai tsanani bayan jinya, daga nan kuma ake renon ƙwayoyin da merofenem kansa ba ya kashewa, su bi hannu da gado su koma kan na kusa. Ranar da aka kai nan, abin da ya rage a hannunmu kaɗan ne, irin su kolistin mai cin ƙoda, wanda ma ba kullum ake samunsa ba.

Sai dai S biyar ba ya nufin zaɓi biyar. Farantin bai san Hajiya ba, bai san inda ciwon yake ba. Naitirofurantoyin shi ne mafi ƙunci da araha a jerin, kuma magani ne mai kyau ga ciwon da ya tsaya a mafitsara, domin a fitsari yake taruwa. Amma ba ya kai yawan da ake buƙata a cikin jini ko a tsokar ƙoda. Wanda ya ba Hajiya shi don ya ga S, ya bar ta babu magani. Jentamaisin yana isa ƙoda, yana kuma iya lalata ta, ga tata ba ta gama farfaɗowa ba. Merofenem ya wuce buƙata. Saura biyu. Aka mayar da ita kan seftiriyazon ranar Alhamis, aka yi hoton ciki aka ga babu toshewa babu ƙurji, kiriyatinin ya sauko 102. Ranar Juma'a, bayan ta wuni ta kwana ba zazzaɓi, tana ci tana sha ba amai, aka cire kanula aka koma ƙwayar haɗiya: amoksisilin mai kilabulanik miligiram 875/125 duk bayan awa takwas, da abinci. An zaɓi cikakken awon nan da gangan, domin irin wannan magani ba duka yake shiga jini daga ciki ba, kuma ƙaramin awo sau biyu a rana ba zai wadatar da cutar da ta shiga jini ba.

Zan faɗi gaskiya, amoksisilin mai kilabulanik ba ƙunci ne da shi can ba, shi ma yana taɓa ƙwayoyin hanji da dama. Da amfisilin ya fito S, da amoksisilin zalla ya fi. Amma a abin da takarda ta bari, shi ne ke fitar da allura daga hannunta ya mayar da ita gida. A rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2017, mai suna AWaRe, yana rukunin farko, na magungunan da ake so a fi amfani da su. Seftiriyazon, sifiro da merofenem duk suna rukuni na biyu, na waɗanda ake sa wa ido saboda saurin haifar da bijirewa. Kolistin yana na uku, na ajiya. A 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince kashi 70 cikin ɗari na abin da ake sha ya zama daga rukunin farko nan da 2030.

Kwana nawa

Da aka zo rubuta sallama, wani ya ce sati biyu, tunda ƙwayar ta shiga jini. Haka aka koyar da yawancinmu. Amma kwana 14 ɗin nan al'ada ce fiye da hujja, kuma an gwada ta. A 2019 an buga wani bincike daga Isra'ila da Italiya a kan mutum 604 masu irin wannan ƙwaya a jini, waɗanda zazzaɓinsu ya sauka jikinsu ya daidaita na awa 48. An ba rabi magani na kwana 7, rabi na 14, kuma 'yan kwana bakwan ba su fi shan wahala ba. A 2024 wani mafi girma, mai suna BALANCE, ya bi mutum 3,608 a ƙasashe bakwai. Cikin kwana 90, kashi 14.5 na 'yan kwana bakwai sun rasu, na 'yan kwana goma sha huɗu kuma kashi 16.1. Ƙarin satin bai ceci kowa ba, sai ƙarin kuɗi da kwanakin da ƙwayoyin hanji ke koyon jure magani.

Kwana bakwan yana da sharuɗɗa, kuma sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya a kan Hajiya. An san tushen cutar, babu toshewa ko ƙurjin da ya rage. Jikinta ya amsa, zazzaɓi ya tafi tun Alhamis. Garkuwar jikinta ba a rushe take ba, duk da ciwon suga, wanda ya fara daidaita. Ƙwayar kuma ba Staphylococcus aureus ba ce, wadda in ta shiga jini ba a yi mata ƙasa da kwana 14, sau da yawa ma fiye. Ciwon ƙashi da na bawul ɗin zuciya makonni suke ci, tarin fuka wata shida. Don haka maganar a rage kwanaki ba izini ba ne ga majiyyaci ya ajiye magani ranar da ya ji daɗin jikinsa. Likita ne zai yanke ranar, bisa cutar da ke gabansa.

Sai lissafi. Ana fara ƙirga daga ranar da aka ba da maganin farko da ƙwayar ke ji, ba daga ranar da aka koma ƙwayar haɗiya ba, ba kuma daga ranar sallama ba. Tunda seftiriyazon S ne, Litinin ce rana ta ɗaya, Lahadi ta bakwai. Da ESBL ce, da kwanakin seftiriyazon ba su shiga lissafi ba, sai a fara daga daren Laraba. Kuskuren da na fi gani a takardun sallama shi ne mutum ya yi kwana biyar yana karɓar allura, sannan a rubuta masa sabon sati cur na ƙwaya kamar yau ya fara. Hajiya ƙwaya tara kacal take buƙata, daga Juma'a zuwa daren Lahadi. Da aka sallame ta ranar Asabar, na sa almakashi na yanke katin maganin na ba ɗanta iya abin da ya rage, na rubuta ranar tsayawa da manyan baƙaƙe a jikin ambulan. Ragowar da ake bari a kwali ita ce gobe za a ba maƙwabciya mai mura. Na kuma gaya masa in zazzaɓi, amai ko ciwon kwiɓi ya dawo, ko gudawa mai yawa ta kama ta, su dawo a ranar, kar su biya ta kemis.

Kwalaben merofenem huɗu da suka rage, shagon da ya sayar ya ƙi karɓa. Kuɗin kwalba shidan nan ya fi na duk sauran magungunan jinyar a haɗe. Bayan wannan lamari sashenmu ya sauya abu biyu: duk maganin kashe ƙwayar cuta da aka rubuta sai an sa dalilinsa da ranar da za a sake duba shi, tsakanin awa 48 zuwa 72, sannan sakamakon kalca likitan ɗaki ne ke kiran ɗakin gwaji ya karɓa kafin ya tashi aiki, ba ɗan jinya ba.

Bayan sati uku ɗan ya dawo da wata takarda. Don hankalinsa ya kwanta ya sake kai fitsarin mahaifiyarsa gwaji a waje, aka samu wata ƙwayar hanjin, Klebsiella, da dogon jerin S da R, har an ja layi ƙarƙashin wata allura. Likita ta tambayi Hajiya ko tana jin zafin fitsari, ko yawan fita, ko ciwon mara, ko zazzaɓi. Ta ce ko ɗaya, har ta koma zuwa Islamiyya. Mata masu shekaru, musamman masu ciwon suga, da yawansu suna ɗauke da ƙwaya a fitsari ba tare da ciwo ba, kuma ba su magani a wannan hali ba ya hana ciwon gaba, sai dai ya sa ƙwayar da za ta zo nan gaba ta fi taurin kai. Mai juna biyu da wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari su ne ake yi wa magani ko ba alama. Hajiya ba ta cikinsu. Ba a rubuta mata komai ba, aka auna suganta, aka ɗan gyara awon maganinsa, aka ba ta ranar dawowa asibitin masu suga bayan wata ɗaya.